Takomita Mai Haske da Mai Taɓa Shaf: Abin da Na Gani a Gwaji

Na yi wata uku ina aiki da takomita guda biyu, wato na'urorin auna gudun juyawar inji, a shagona na naɗin wayar injin lantarki: ɗaya tana harba jan haske kan ɗan tef mai ƙyalli da aka manna a shaf, ɗayar kuma sai an danna tsininta na roba a tsakiyar shaf ɗin. Da yake ba su taɓa ba ni lamba iri ɗaya ba, sai na nemi alƙalin da zai raba gardama.

Injin indakshan ba zai yi wannan alƙalanci ba, domin kullum gudunsa yana ƙasa da lissafi, kuma kaya na ƙara rage shi. Saboda haka na ɗauko injin sinkironos mai pol huɗu, wanda gudunsa ke ɗaure da firikwensin wuta bisa lissafin n = 120 × f / p, inda n ke nufin gudu, f firikwensi, p kuma yawan pol. Ban ɗauka cewa wutar layi tana kan 50 Hz daidai ba; na jona mita, ta nuna 50.2 Hz, wato ya kamata shaf ya yi 1506 RPM, ma'ana zagaye 1506 a minti ɗaya, maimakon 1500.

Mai hasken ta fara ba ni 3012 RPM. Da na kashe injin na duba, sai na ga gefen ramin makullin shaf ɗin ya goge yana walƙiya, na'urar tana ƙirga shi tare da tef ɗin, sau biyu ke nan a kowane zagaye. Na naɗe wurin da baƙin salatif, na sake manna tef ɗin a kai, sai ta tsaya tsakanin 1505 da 1506.

Ta taɓawar ce ta fi ɗaure mini kai. Da na danna ta a hankali ta nuna 1489, domin robar tana sulluɓewa, da na ƙara ƙarfi ta hau 1504, kuma da zarar hannuna ya karkace kaɗan sai lambar ta sake sauka. A kan ƙaramin injin fanka kuwa, na bar mai hasken tana karantawa, sannan na danna tsinin, sai na ga gudun ya faɗo daga 1380 zuwa 1310, ma'ana ita kanta na'urar ta zama kaya a kan abin da take aunawa.

Kuskuren mai haske ya fi mini sauƙin kamawa, domin ninki yake zuwa, kuma babu mai gyaran da zai yarda da 3012 a injin pol huɗu. Amma 1489 lamba ce mai kama da gaskiya, da ba don lissafin firikwensi ba da na rubuta ta a takardar mai aiki. Yanzu mai haske nake fara ɗauka, ta taɓawar kuma na bar ta ga manyan injuna masu shaf ɗin da maiƙo ke hana tef kamawa, bayan na goge tsinin nata.