Shadda ko Wagambari: Wanne Zai Kai Ka Magariba Ran Sallah?

Babbar riga ta shadda gizna, da 'yar ciki da wando, takan ci yadi goma. A filin idi ba ta da na biyu, ga sheƙi ga kwarjini. Amma kafin liman ya idar da huɗuba, zaman tabarma ya karya mata guga a gwiwa da baya, kuma shadda ba ta ɓoye zufa, nan da nan shatinta ke fitowa. Idan maiƙon naman Sallah ya ɗiga a kanta a gidan Gwaggo, tabon zai bi ka har gidan surukai. Dabarar ita ce a ɗinka 'yar cikin da tsawo har ƙasan gwiwa, da aiki a wuya, yadda bayan idi za ka ninke rigar ka ci gaba da yawo da cikakken kaftani.

Kaftanin wagambari kuwa yadi biyar ya isa. Bai da nauyi, iska na ratsa shi, kuma durƙuson gaida manya bai cika tamuƙe shi ba. A filin hawan Sallah dai bai kai babbar riga cika ido ba.

Ni wagambari zan ɗauka, mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, domin fari ba ya jure ƙurar hanya. Takalmi kuma silifas na fata, tunda kowane zaure sai ka tuɓe.