Makin tes ɗinka nawa ne? Wasiƙa daga Ingila zuwa Katsina

'Yan uwa, gaisuwa daga ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu a lokacin hunturu. Zancen sanyi da tsadar haya kun sha ji, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani saƙo ne ya shigo wayata ana sauran makonni a fara jarrabawa, wai makin aikin da na rubuta ya fito. Na buɗe shafin makaranta, sai ga 62 cikin 100, ga bayanin malama sakin layi bayan sakin layi, inda na yi daidai da inda na yi ta kame-kame. A ƙasa an rubuta cewa wannan aiki kashi 30 ne na kwas ɗin, jarrabawa kashi 70. Wallahi sai da na daɗe ina kallon wayar. Babu wanda na bi ofis, babu wanda na ce wa ranka ya daɗe. Har wani haushi ya taso mini, da na tuna yadda muka yi karatu a gida muna shiga jarrabawa ba mu san abin da muka ci a tes ba.

Da wannan 62 ɗin a hannu, lissafin minti biyu ne. Tunda aikin kashi 30 ne, sai a ninka 62 da 0.3, ya ba da 18.6. A digiri na biyu a nan makin tsallakewa 50 ne, saura 31.4 ke nan. Amma 31.4 ɗin daga cikin 70 zai fito, takardar jarrabawa kuwa bisa 100 ake duba ta. Don haka sai a raba 31.4 da 0.7, a sami kusan 45. Abin da nake nema ke nan a ɗakin jarrabawa, kuma na san shi tun kafin in buɗe littafi.

Na kira ƙanena da ke karatu a gida, na ce, "Kai, nawa ka ci a tes?" Ya ce, "Yaya, ai ba a kafe ba, sai sakamako ya fito." To ta yaya mutum zai raba darensa tsakanin kwas takwas ko tara alhali bai san wanda ke neman kayar da shi ba?

Namu lissafin ma ya fi sauƙi, domin tes ɗin bisa 30 ake ba da shi kai tsaye. A ce makin tsallakewa 40 ne. Wanda ya ci 12 a tes yana neman 28 cikin 70, wato kashi 40 na jarrabawar. Mai 24 kuwa 16 kawai yake nema, ƙasa da kwata. Wanda ya tafi biki ranar tes ya tashi da sifiri, shi zai nemo 40 ɗin nan duka daga cikin 70, kusan kashi 57. Kuma idan A ake hari, wadda ke farawa daga 70, mai 12 sai ya kawo 58 cikin 70. A nan nake jin haushin ɗalibanmu masu cewa "tes ne kawai". Kowane maki ukun da ka yar a tes, bashi ne da za ka biya da fiye da kashi huɗu na takardar jarrabawa, ranar da ga zafi ga fargaba.

Inda ake zamewa shi ne a ji "28 nake nema" a saki jiki. Sai ka duba takardar tambayoyi. Idan makin tambayoyin ya taru ya kai 70, to 28 ɗin ce. Idan kuwa ya kai 100, malam zai mayar da shi bisa 70 daga baya, sai ka ci 40 kafin ta zama 28.

Kada ku ɗauka Turawan nan ba su da nasu tarkon. Wasu kwasa-kwasan suna gindaya sharaɗin cewa jarrabawar ita kaɗai sai ta kai wani maki, misali 40, komai kyan aikinka. Mai 90 a aiki yana da 27 a aljihu, lissafi ya ce 33 ta ishe shi, amma ya ci 35 ya faɗi, alhali jimillarsa ta haura 50. Sai dai sharaɗin yana rubuce a kundin kwas tun makon farko, ba a ofishin wani za ka fara jinsa ba.

Da za a ba ni zaɓi yau, na fi son in zauna a Ƙofar Soro da yamma da kwanon fura a gabana. Amma malamanmu, don Allah, takarda ɗaya ce a allon sanarwa, lambar ɗalibi da makinsa, kafin jadawalin jarrabawa ya fito. Ta haka ne ma wanda aka ɓatar da tes ɗinsa zai gane da wuri, ya kai kuka tun takardun suna kan tebur.