Ajin saitin indiketa da na biya: ya yi mini rana a foreks, ya kwance mini zani a hannun jari

Wata huɗu ke nan da gama ajin nan na sati uku, kuma da farko na yi niyyar ba shi taurari huɗu cikin biyar. Ba zan kama sunan malamin ba, waɗanda muka zauna tare sun san wanda nake nufi, sun kuma san abin da muka biya.

Gaskiya a ɓangaren foreks, wato kasuwar canjin kuɗaɗen ƙasashe, mutumin ya san hannunsa. Saitin indiketa, wato ma'aunan da ake ɗorawa a allon farashi, da ya ba mu shi ne EMA 9 da EMA 21, layukan matsakaicin farashi, sai RSI 7, ma'aunin ƙarfin hawa da sauka daga 0 zuwa 100, duk a kan M15, allon da kowane kyandir ɗinsa ke nuna motsin farashi na minti sha biyar, kuma GBP/JPY, fam ɗin Birtaniya da yen ɗin Japan, ya fi so. Kafin na shiga ajin RSI 14 nake bari yadda na same shi a manhaja, ban taɓa tambayar kaina daga ina sha huɗun ta fito ba. A bakinsa na fara jin cewa J. Welles Wilder ne ya fito da RSI a 1978, kuma lambar nan da ake rubutawa a Period kyandir take ƙirgawa, ba awa ko kwana ba. Kyandir 21 a M15 awa biyar ne da kwata. Layin EMA 21 kuwa yana biyo farashi a baya da kamar kyandir goma, wato awa biyu da rabi. Ga kuɗin da ke iya tashi ya dawo tsakanin hantsi da azahar, wannan jinkirin ana iya zama da shi, amma EMA 50 sai an watse take isowa wurin biki. Ya kuma hana mu aiki da saitin kafin kasuwar Landan ta buɗe, ƙarfe takwas ko tara na safe agogonmu, gwargwadon lokacin shekara, domin idan kasuwa ta kwanta layukan biyu sai su yi ta sarƙewa suna ba da alamar ƙarya. Na gwada, haka ne. Wannan kaɗai ya rage mini asara.

To, a ranar ƙarshe na tambaye shi, na ce, "Malam, ina da ɗan hannun jari a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, wannan saitin zai yi a can?" Ya ce, "Alhaji, kasuwa ai kasuwa ce. Ka mayar da shi D1 kawai." D1 shi ne allon da kowane kyandir ɗinsa rana guda ce. Wannan amsar ce ta ci ni.

Hannun jarin wani ƙaramin kamfani ne, irin wanda sai ya yi sati farashinsa bai gusa ko kwabo ba. Ya daɗe a naira 20, RSI ɗina yana zaune wajen 50. Wata Talata ya tashi zuwa naira 22, wato kashi goma cikin ɗari, iyakar abin da kasuwar ke bari ya hau a rana ɗaya. Da yamma na buɗe waya na ga RSI ya kusa 95. A aji an koya mana cewa sama da 70 an saya har an wuce gona da iri, sama da 90 kuwa ka tattara ka gudu. Washegari da safe na kira dillalina na ce ya sayar duka. Har ya ce, "Yallaɓai, ka tabbata? Masu nema sun fi masu sayarwa yawa fa." Na ce ya sayar, ni na yi aji. Cikin sati biyu farashin ya haura naira 30, ina kallo.

Sai da baƙin cikin ya lafa na ɗauki biro na bi lissafin da kaina, abin da ya kamata a ce an yi mana a aji. RSI matsakaicin hawa yake kwatantawa da matsakaicin sauka. Idan farashi ya daɗe bai motsa ba, dukansu biyu sai su yi ta ƙanƙancewa, a ce kowanne ya koma kwabo 2. Ranar da naira 2 ta faɗo a kai, a RSI 7 matsakaicin hawa ya zama kamar kwabo 30, na sauka bai kai kwabo 2 ba, ninki sha bakwai da ɗoriya. Shi ya ba da 95 ɗin. Ba wai mutane sun yi ta saye har sun gaji ba ne, kyandir ɗaya tal ne ya motsa bayan dogon barci. Abin da ya ƙara ba ni haushi, idan farashin ya sake tsayawa cak, hawa da sauka tare suke raguwa daidai wa daida, don haka layin ba zai sauko ba, zai maƙale a sama yana ta ihun a sayar alhali babu abin da ke faruwa.

Na ɗauka ƙara tsawon zangon zai warkar da shi. Na sa 14 a wannan lissafin, ya ba ni wajen 90. Na sa 21, ya ba ni wajen 86. Duk suna sama da 70, duk da sun kore ni. Ashe ciwon ba a lambar kaɗai yake ba, a kyandir ɗin yake: kyandir ɗin rana ɗaya na hannun jarin da ba a cinikinsa kullum fanko ne. A GBP/JPY kowane minti sha biyar akwai dubban masu saye da sayarwa a ciki, kwana biyar a sati ba dare ba rana. A nan kuwa kasuwar 'yan awoyi take ci a wuni, wani kamfanin ma sai an yi cinikin adadi mai kauri kafin farashinsa ya sauya a allo.

Yanzu kafin in ɗora wa hannun jari kowace indiketa, sai na ƙirga kwana nawa farashinsa ya motsa cikin kwana ashirin na baya. Idan bai kai goma ba, ba na kallon RSI a D1 sam, W1, allon sati-sati, nake komawa in bar shi a 14, in haɗa da yawan cinikin da aka yi. Manyan bankuna da ake cinikinsu kullum suna ɗaukar D1, amma su ma EMA 9 da 21 sun yi musu gaggawa. A can EMA 21 wata guda ne na ciniki, jinkirinsa sati biyu, ga shi kowace shiga da fita sai dillali da kasuwa sun yanki nasu. Na fi samun natsuwa da EMA 50 da 200. Na taɓa ɓata dare guda ina juya lambobi har na samu wadda ta dace da bara tsaf, da na gwada ta a shekarar da ta gabace ta sai ta watse, na bar wannan wasan.

Da nake rubuta wannan ma sai raina ya sake ɓaci, taurari huɗun nan ba za su yiwu ba. A tallan ajin an rubuta foreks da hannun jari da zinare, amma cikin sati uku ko sau ɗaya bai buɗe mana allon wani kamfani ba. Na tura masa lissafin nan gaba ɗaya, da hoton allona. Ya karanta, alamar ta nuna. Bayan kwana biyu sai ga saƙo, ba amsa ba, sanarwar sabon aji ne na musamman a kan hannun jari, kuɗinsa daban. Biyu na ba shi, su ma don darajar M15.