Sharhi kan ajin Turanci na yamma da na shiga: jerin sifofi da matsalar *more better*

Aikina a shagon kayan katako na yayana shi ne rubuta bayanin kaya. A ɗauki hoton tebur ko kujera, ni kuma in rubuta layi biyu ko uku da Turanci a ƙasa, domin yawancin masu oda daga Abuja da Legas suke. Wannan ne ya sa na biya kuɗin wani ajin Turanci na manya da ake yi bayan Magariba a nan Kano. Ajin ya taɓa abubuwa da yawa, amma sharhin nan a kan sashe ɗaya ne kawai, wanda ya shafi aikina kai tsaye: yadda ake jera sifofi a gaban suna, da yadda ake fifita wani abu a kan wani. A taƙaice, kuɗina bai tafi a banza ba, sai dai akwai wurare biyu da ban gamsu ba, kuma zan faɗe su.

Malam ya fara ne da rubuta *a big old wooden table* a allo, sai ya rubuta *a wooden old big table* a ƙarƙashinsa, ya tambaye mu wanne ne daidai. Kusan rabin ajin suka ce duk ɗaya ne, tunda kalmomin ba su canja ba. Ba laifinsu ba ne. A Hausa muna da sarari: ka ce babban tebur ko tebur babba, ka ce farar riga ko riga fara, duk ka yi daidai. Abin da aka yi kaya da shi kuma a baya muke ajiye shi, mu ce tebur na katako, jaka ta fata. Turanci kuwa yakan tara sifofin a gaban suna, kuma kowace da gurbinta. Na farkon da Malam ya rubuta shi ne abin da mai harshen zai faɗa ba tare da ya yi tunani ba. Na biyun za a gane abin da kake nufi, amma kunnen mai harshen zai ji wani abu ya karkace.

Jerin da aka ba mu shi ne wanda ake samu a littattafan nahawu: ra'ayin mai magana, sai girma, sai shekaru, sai siffar jiki kamar zagayayye ko mai kusurwa huɗu, sai launi, sai asali, sai abin da aka yi kayan da shi, sai amfanin da ake yi da shi. Gurbi takwas ke nan. Da a nan Malam ya tsaya, da ban rubuta sharhin nan ba, domin ana iya samun jerin kyauta a ko'ina. Abin da na biya kuɗi na samu shi ne dalilin jerin. Ya ce mana: "Ku duba wace sifa ce ta fi manne wa abin. Ita ce za ta zauna kusa da suna." Kasancewar tebur na katako ba ta dogara da wanda ke kallo ba, ko wa ka kira zai ƙwanƙwasa ya ce katako ne. Tsufa kuwa da ɗan dama-dama, domin teburin da ya shekara goma tsoho ne a wurin wani, a wurin wani kuma da sauransa. Girma ya fi haka sassauci, tunda babban tebur a ɗakin haya ƙarami ne a zauren taro. Kyau kuma ra'ayi ne zalla. Saboda haka abin da mutane za su iya yin gardama a kansa shi ke nisa da suna, abin da ba a gardama a kansa shi ke jingine da shi. Tun da na riƙe wannan, ban cika buƙatar tuna gurbi takwas ɗin ba. Idan na rikice sai in tambayi kaina wace sifa ce mai saye zai iya musantawa, in tura ta farko.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne ya bar kowa ya kawo misali daga sana'arsa. Ni na kawo wani tebur da muke da shi a shago: na cin abinci ne, na katako, zagayayye, ƙarami, sabo, ruwan ƙasa. Muka fara daga suna muna komawa baya. Amfaninsa shi ne mafi kusa, don haka *dining table*, kuma ba a raba waɗannan biyun ko kaɗan, domin sun zama kamar suna guda. Sai katako ya shigo: *wooden dining table*. Sai launi, sai siffar jiki, sai sabunta, sai girma. Abin da ya fito shi ne *a small new round brown wooden dining table*. Bisa ƙa'ida babu kuskure a ciki. Malam ya sa na karanta shi da ƙarfi, numfashina ya kusa ƙarewa kafin in kai ga teburin. Sai ya ce, "To, Malam, wa zai saya? Zaɓi uku da mai saye ya fi buƙata, sauran ka ba su jimlarsu." Muka mayar da shi *a small round wooden dining table*, sannan jimla ta biyu: *It is new and dark brown*. Haka nake rubuta bayanin kaya yanzu, kuma tambayoyin da ake turo mana a kan girma da irin kayan sun ragu, domin bayanin yana shiga kai da karatu ɗaya.

Ƙorafina na farko a nan yake. Bayan wannan nasiha mai kyau, takardar aikin gida da aka raba mana cike take da jimloli masu sifa shida da bakwai a hargitse, a ce ka jera. Babu mai magana haka. Kuma takardar ta ɗauki jerin kamar ba a saɓa masa, alhali littattafan nahawu su kansu ba su haɗu a kan komai ba: wasu suna sa siffar jiki kafin shekaru, wasu bayan shekaru. Wata ɗaliba ta rubuta *a round old table* aka soke mata, ni kuwa a ganina bai kamata ba. Akwai ma maganganun da suka zauna a harshen a kan saɓanin jerin, irin su *big bad wolf*, inda girma ya riga ra'ayi. Ba a ambaci ko ɗaya ba sai da aka yi tambaya. Batun waƙafi ma a gurguje aka wuce shi, alhali mai rubutu yana buƙatarsa kullum. Idan sifofi biyu 'yan gurbi ɗaya ne, har za ka iya juya su ko ka sa *and* a tsakaninsu, to a sa waƙafi: *a clean, quiet room*. Idan kowace da gurbinta, kamar a teburinmu na katako, ba a sa komai.

Sashen fifiko kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Malam Bahaushe ne, kuma ya san inda ciwon yake. Mu kalma ɗaya muke amfani da ita, wato fi: ya fi tsawo, ya fi tsada, ya fi kyau. Ba ma taɓa sunan halin, aikatau ne ke ɗaukar nauyin. Ɗalibi sai ya ɗauka *more* ita ce fi, ya riƙa manna ta a ko'ina. Turanci kuma hanya biyu gare shi, kuma ɗaya ake bi, ba duka ba. Sifa mai gaɓa ɗaya tana karɓar ɗafa-ƙeya: *tall* ta koma *taller*, *big* ta koma *bigger* da ninka baƙin ƙarshe. Mai gaɓa biyu da ta ƙare da harafin *y* takan koma kamar *heavier* da *easier*. Mai gaɓa uku ko fiye sai da *more*: *more expensive*, *more comfortable*. A tsakiya akwai 'yan kaɗan da ke karɓar kowace hanya, kamar *simpler* da *more simple*. Ita kuwa *good* ba ta bin ko ɗaya, kalmar ce ke sauyawa gaba ɗaya ta zama *better*, kamar yadda *bad* ke zama *worse*. Fifikon yana cikin *better* tun asali. Wanda ya ce *more better* ya yi alamar sau biyu, tamkar Bahaushe ya ce "ya fi fin kyau".

Inda ya kai ni ga gyaɗa kai shi ne da ya ce mai faɗin *more better* ba shirme yake yi ba, akwai abin da yake son faɗa, wato ya fi nesa ba kusa ba. Maganinsa shi ne a ba shi kalmar da ke yin wannan aikin: *much better*, *far better*, *a lot better*, ko *even better* idan na farkon ma mai kyau ne. Idan bambancin kaɗan ne, *a bit better*. Sai ya ja kunnenmu cewa *very better* ma ba ta zama, domin *very* ba ta shiga gaban sifar fifiko. A tallan kujerunmu yanzu nakan rubuta *much stronger than plastic chairs*, kuma shi ne ainihin abin da yayana ke faɗa wa masu saye da baki.

Wani ɗalibi mai shirin sake zana WAEC ya yi tambaya mai kyau: idan kuskure ne, me ya sa ake jin sa a bakin mutane da yawa? Amsar Malam ta gaskiya ce, bai ɓoye komai ba. Shakespeare kansa ya rubuta *more better* a wasansa *The Tempest*, ya kuma rubuta *most unkindest* a *Julius Caesar*. A zamaninsa ninka fifiko hanya ce ta ƙarfafa magana. Daga baya ne masu rubuta nahawu, irin su Robert Lowth a littafinsa na 1762, suka yanke cewa bai dace ba, kuma a kan haka daidaitaccen Turanci ya zauna har yau. Har yanzu ana jin sa a wasu karuruwan harshen. Amma a takardar jarrabawa, ko wasiƙar neman aiki, ko tallan kaya, za a ƙirga maka shi kuskure, kuma wannan ne ya shafe mu. Na ji daɗin yadda ya raba tarihi da hukuncin yau ba tare da ya raina kowa ba.

Ƙorafina na biyu ƙarami ne: lokacin magana da baki ya yi kaɗan. Jerin sifofi abu ne da kunne ke kamawa kafin kai, ajin kuma ya cika, sai mutum ya fita bai buɗe baki ba. Wanda zai shiga irin wannan aji ya tambaya tun kafin ya biya mutum nawa ne a aji, kuma ko malamin yana karɓar rubutun ɗalibi na wurin aikinsa ya gyara a gabansa. Idan jarrabawa kawai kake nufi, littafin nahawu mai atisaye da amsoshi a baya zai iya isar ka a wannan sashe. Idan kuwa kana rubuta wa abokan ciniki ne kamar ni, ka je da bayanan kayanka guda biyar ko shida a rubuce tun ranar farko, ka nemi a gyara su ɗaya bayan ɗaya.