Zaɓen Allon Shago: Girman Harafi da Nisan Mai Karatu

Mai shagon da zai yi sabon allo yakan fara da tambayar kuɗin fileks, wato kakkaurar ledar da ake buga rubutu a kanta, da na langa-langa, alhali abin da ya kamata ya fara sani shi ne inda mutumin da ake so ya karanta allon zai kasance a tsaye, domin nisan wannan mutum ne ke yanke tsayin harafi, tsayin harafi kuma ke yanke girman allo da irin kayan da za su dace da shi. Yawancin allunan da ba sa karantuwa daga titi an kashe musu kuɗi sosai, matsalarsu kawai ita ce an amince da zanensu a fuskar kwamfuta, inda ido ke nesa da rubutu da abin da bai kai mita ɗaya ba.

Masu aikin alluna suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita, wato inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa, idan ana so rubutun ya ja ido ba tare da an neme shi ba. A ma'aunin mita, sai a auna nisan da santimita a raba shi da 120. Akwai kuma iyaka ta biyu, wadda ita ce mafi nisan da mai lafiyar ido zai iya karanta harafin idan ya tsaya ya zuba masa ido da rana, kuma ta kai wajen ƙafa ashirin da biyar zuwa talatin ga kowane inci ɗaya, wato a raba nisan da 300 ko abin da ya ɗan fi haka. Bambancin lissafin biyu yana da muhimmanci wajen ciniki, saboda mai buga allo zai iya cewa harafin santimita 6 yana karantuwa daga mita 18, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai yana maganar mutumin da ya riga ya san shagon yana neman sa ne. Baƙon da ke wucewa da abubuwa a ransa yana buƙatar harafin santimita 15 a wannan nisan.

A ɗauki misalin kantin magani a bakin titi mai hannu biyu, inda daga bangon shago zuwa wancan gefen da masu tafiya a ƙafa ke bi, har da kwata da filin ajiye babura, aka auna mita 18. Santimita 1,800 a raba da 120 ya ba da 15, don haka babban rubutu ba zai gaza santimita 15 ba. Abin da ya rage shi ne a ga ko zai shiga allo. Babban baƙi ɗaya, tare da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi, yakan ci faɗin da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsayinsa. Kalmomin KANTIN MAGANI haruffa goma sha biyu ne da gurbi ɗaya a tsakani, gurabe goma sha uku ke nan. Falankin da aka fi samu a kasuwa ƙafa takwas ne da ƙafa huɗu, wato santimita 244 da 122, kuma idan aka bar santimita 20 fili a kowane gefe saura 204. Harafin santimita 15 zai ci kusan santimita 146, ya shiga da rara, har ma za a iya ɗaga shi zuwa santimita 20, wanda zai ci kusan 195. Ni da za a nemi shawarata na ashirin ɗin zan zaɓa, domin ƙurar hunturu da hasken rana suna rage ƙarfin rubutu cikin 'yan watanni, kuma masu zuwa sayen magani da yawansu manya ne da ganinsu ya fara raguwa.

Lambar waya ba ta buƙatar wannan girman. Mai kwafar lamba yakan matso ya tsaya, don haka santimita 8 ya isa, wanda ke karantuwa cikin sauƙi daga wajen mita goma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera sunan shago da jerin kayan sayarwa da adireshi da lambobin waya uku duk da girma ɗaya, sai kowane layi ya ƙanƙance har babu wanda ya kai santimita 7. Gara a ba layi ɗaya rabin allon, a rage sauran zuwa layi biyu, abin da bai samu wuri ba kuma a rubuta shi a ƙofa ko a jikin gilashi.

Idan masu mota da adaidaita sahu ake nema, lissafin ya canza gaba ɗaya. Abin hawan da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa, kuma direba na buƙatar daƙiƙa huɗu zuwa biyar ya hango allo, ya karanta, ya yanke shawara, ya rage gudu ya sauka gefe. Ke nan dole rubutun ya karantu daga wajen mita 50. Harafin santimita 20 yana dab da iyakarsa a nan, wanda zai karantu cikin sauƙi kuwa sai ya kai wajen santimita 40, kuma a wannan girman kalma ɗaya ce za ta shiga faɗin falankin, wato MAGANI, wadda za ta ci kusan santimita 180. Ga direba kalmar nan ta wadatar, don sunan mai kantin ba ya ƙara masa komai a cikin daƙiƙa huɗu.

Sai dai akwai abin da girman harafi ba ya gyarawa. Allon da aka manna a bango yana fuskantar tsallaken titi ne, mai zuwa daga nesa a kan titin kuma ta gefe yake ganinsa. Idan shagon yana nesa da layin mota da mita 6, direban da ke mita 50 yana ganin faɗin haruffan ya matse zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas na ainihin faɗinsu, sai su zama kamar sanduna a jere. Maganin wannan shi ne allo na biyu mai fuska biyu, wanda ya fito daga bango ko yake tsaye a kan ƙarfe yana fuskantar masu zuwa daga kowane ɓangare. Mai shagon da kuɗinsa ba su da yawa, kuma cinikinsa na masu abin hawa ne, zai amfana da ƙaramin allo mai fuska biyu da ke ɗauke da kalma ɗaya fiye da babban allon bango mai tsada. Ya kamata ya tambayi hukumar da ke kula da allunan talla a garinsa kafin ya kafa ƙarfe kusa da titi, domin irin wannan allon ne aka fi neman izini da haraji a kansa.

Bayan an san girman harafi, sai zaɓen kaya. Fileks shi ne mafi arha idan ana buƙatar babban fili, kuma wannan ne ƙarfinsa, domin yana ba mai ƙaramin jari damar yin harafin santimita 40. Rauninsa shi ne rana tana kashe masa launi, musamman ja, kuma idan ba a ɗaure shi da kyau a jikin firam ɗin ƙarfe ba iska takan sa ya yi tattara, tattarar kuma tana karya siffar harafi. Langa-langa da fentin mai ya fi shi daɗewa kuma ana iya sabunta shi, amma ingancinsa yana hannun mai rubutun, saboda haka a je a ga aikinsa na baya daga tsallaken titi, a duba ko tazarar haruffansa daidai take ko yakan matse na ƙarshe idan fili ya ƙare masa. Sitikar da aka yanka aka manna a kan alukobon, wato falankin alminiyom mai roba a tsakiyarsa, tana ba da gefen harafi mai kaifi, wanda ke taimakawa ƙwarai ga ƙananan layuka, sai dai sitika mai arha takan fara ɗagowa daga gefe idan zafi ya yi yawa. A ganina sitika a kan alukobon ce ta fi dacewa da allon bango na shagon da zai daɗe a wuri ɗaya.

Akwatin wuta, wato allo mai fitila a cikinsa, na mai cinikin dare ne, kamar kantin maganin da ke cikin misalin, kuma yana da sharaɗi. Farin harafi mai haske a kan fili mai duhu yakan yi kamar ya kumbura da dare, ramukan da ke cikin A da B su cike, don haka a rage kaurin layin kaɗan a ƙara tazara. A kuma tabbatar allon yana karantuwa ko da babu wuta, tunda ba kullum ake samunta ba. Haruffa masu tudu da ake yankawa ɗaya-ɗaya sun fi kowane tsada, kuma kuɗinsu yana hawa da tsayinsu, abin da ke sa mai saye ya rage girman don ya iya biya. Idan kuɗin bai kai ga girman da lissafi ya nuna ba, babban harafi a kan fileks ya fi su amfani.

Tsayi kaɗai ba ya isa idan layin harafin siriri ne. Kaurin da ya dace shi ne wajen kashi ɗaya cikin biyar ko shida na tsayin, santimita 3 zuwa 4 ke nan ga harafin santimita 20, kuma rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe yana rasa nisa mai yawa ko da tsayinsa ya cika. Idan an haɗa manya da ƙananan baƙaƙe, a yi lissafin da tsayin ƙananan irin su a da n, waɗanda ba su wuce kusan kashi biyu cikin uku na babban ba. Wanda sunan shagonsa ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya duba da kyau, domin salon rubutu da yawa a kwamfuta ba su da waɗannan haruffa, sai na'urar ta aro su daga wani salon su fito sirara a tsakiyar kalma, ko mai zanen ya cire ƙugiyar gaba ɗaya. Game da launi, baƙi a kan rawaya ko fari, da fari a kan shuɗi mai duhu, su ne ke kaiwa nesa, ja a kan kore ko shuɗi kuwa yakan narke. Ana iya gwadawa ta hanyar ɗaukar hoton zanen da waya a mayar da shi baƙi da fari, idan rubutun ya dushe a hoton to zai dushe a titi.

Kafin a biya kafin alƙalami, a nemi mai zanen ya rubuta tsayin kowane layi da santimita a kan takardar ciniki, domin lambar girman rubutu da ke cikin kwamfuta ba ita ce tsayin harafi ba, babban baƙi yakan tsaya a wajen kashi bakwai cikin goma na wannan lambar. Sannan a sa ya buga haruffa biyu ko uku da ainihin girmansu a takarda, ko a zana su a jikin kwali, a rataya a daidai inda allon zai zauna. A tsallaka titi a duba da tsakar rana da kuma bayan magariba, a kuma sa wani dattijo wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta da ƙarfi. Idan ya tsaya yana ƙanƙance ido, a cire layi ɗaya daga ƙasan allon a ƙara wa babban rubutun filinsa, sannan a sake gwadawa kafin a ba da izinin bugawa.