Asiton ko itanol: wanne ya fi wajen wanke silayd a rinin Giram?

Rinin Giram hanya ce ta bambance ƙwayoyin bakteriya da kala a kan silayd, gilashin da ake shafa samfur a duba a madubin likita. Duk biyun aikinsu ɗaya, su fitar da kalar shunayya daga ƙwayoyin da bangonsu siriri ne kamar su Ikolai, daga baya rinin safaranin ya ba su ruwan hoda, su kuma masu kaurin bango irin su Sitafilokokus su riƙe kiristal bayolet, wato rinin shunayyar, da ayodin ya kulle a jikinsu. A sauri ne asiton da itanol suka rabu.

Asiton zafi gare shi wallahi, sakan 2 zuwa 3 ya gama, in ka tsaya jiran kala ta daina zuba kafin ka kai ga famfo to ya riga ya wanke har masu kaurin bangon. Sai ka leƙa ka ga ƙwayoyi kewayayyu a dunƙule, siffar Sitafilokokus sak, amma ruwan hoda. Wannan wankewa ce ta yi yawa, sake wani silayd ɗin kawai. Kodayake ƙwayoyin da suka tsufa a farantin da ake renonsu su ma haka suke yi, ka duba wannan tukuna.

Itanol mai kashi 95 yana ba ka kamar sakan 10 zuwa 20, ka karkata silayd ɗin kana ɗigawa har abin da ke gangarowa ya yi garau. Matsalarsa in shafin samfurin ya yi kauri ba ya ratsawa, Ikolai ya fito shunayya. In samfurin mugunya ne dubi fararen ƙwayoyin jini, tsakiyarsu ruwan hoda ya kamata, in shunayya ne wankin bai isa ba.

Ɗan koyo dai itanol zan ba shi, asiton sai hannu ya faɗa.