Kibod na shigar da lissafin shago: wanne ya kamata ka saya?

Duk mai zama bayan isha'i yana kwashe cinikin rana daga littafi yana zuba wa Excel ya san wahalar lambobin nan na saman kibod, waɗanda aka jera a layi guda daga 1 zuwa 0. Hannu biyu suke ci, ido kuma kullum yana ƙasa yana neman 7. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu kibod ɗin Faransa, wato AZERTY, nasu ma ya fi muni don sai sun danne Shift kafin lamba ta fito. Maganin abin shi ne ɓangaren lambobin nan na hannun dama mai kama da kalkuleta. Matsalar kawai a kasuwa kala-kala ne, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba.

Ni dai zaɓina ba ɓoyayye ba ne: cikakken kibod mai waya, irin wanda ake jonawa ta USB, ko da kuwa laftof kake amfani da ita. Ɓangaren lambobinsa maɓalli 17 ne, kuma an tsara su ne don hannu ya yi aiki ba tare da ido ba. Yatsu uku na tsakiya suna zama kan 4, 5, 6, akwai ɗan ƙullutu a kan 5 da za ka ji da yatsa ka san kana daidai. Babban yatsa na 0, shi ya sa aka yi shi da faɗi, ƙaramin yatsa kuma na Enter wanda aka yi dogo. Hannun hagu ya samu 'yanci kenan, yana bin layin littafi ko yana juya rasit. Ba batir, ba caji, kuma yana da nauyin da ba zai riƙa zamewa a kan kanta ba. Tsofaffin na ofis, irin Dell da HP da ke zuwa tare da kwamfutocin tokumbo, sau da yawa sun fi sababbin masu sheƙi ƙwari, in kana Kano ka leƙa Beirut Road ka tambaya. Ga Tab nan a hagu kusa, wanda ke kai ka ɗaki na gaba a Excel.

Ga yadda aikin yake. A ce an sayar da katan 12 na taliya a kan 18,500 kowanne. Ɓangaren lambobi ba shi da alamar =, amma Excel yana karɓar + a madadinta, sai ka buga haka ka danna Enter:

```
+12*18500
```

222,000 za ta fito, hannunka bai bar wurinsa ba. In kuma layi-layi kake cikewa, yawa, Tab, farashi, Tab, abin da aka biya, Enter, zai dawo da kai farkon layi na ƙasa da kansa. Wanda ya fi son Enter ta riƙa tafiya dama ya shiga File > Options > Advanced ya canja Direction a ƙarƙashin "After pressing Enter, move selection".

Na biyu shi ne ɗan ƙaramin nan mai zaman kansa, lambobi zalla, mai waya. Ba laifi in teburinka ƙarami ne ko kana yawo da laftof tsakanin shago da sito, kuma mai bahago zai iya ajiye shi a hagu. Amma ka nemi mai Backspace da Tab a jikinsa, in ba haka ba duk kuskure ɗaya sai ka miƙa hannu kan laftof. Sannan ka gwada Num Lock a kan taka laftof ɗin, don wasu tsofaffi da zarar ka kunna shi sai J, K, L su koma 1, 2, 3, ka zo rubuta sunan kwastoma ka ga lambobi.

Laftof mai inci 15.6 da ta zo da lambobinta? In kana da ita yi maneji, amma maɓallan a matse suke. Na Fn da aka ɓoye cikin haruffa kuwa ɓata lokaci ne.

Mara waya, ko na Bluetooth ko mai ɗan dongul da ake sokawa a USB, a nan ne na sha wuya kuma ba zan ba kowa shawararsa don lissafi ba. Yawancin masu araha suna yin barci don tattalin batir, ka tsaya sallamar kwastoma ka dawo ka buga 15000, dannawar farko ta tafi wajen tashinsa, abin da ya shiga 5000 ne. Ba ƙara ba gargaɗi, kai kuma idonka na kan littafi. Sai dare a ƙirga kuɗi a ga dubu goma ta yi rara a aljihun tebur, ko in bashi aka rubuta a fara yi wa yaron shago kallon banza alhali bai taɓa komai ba.

Sai maɓallin 000 da masu sayarwa ke tallatawa kamar wani abin arziki. Gaskiya da yadda farashi ya koma dubbai yana da daɗi, amma wurin 0 aka gutsure aka ba shi, don haka babban yatsa yana yawan faɗawa kansa. Wanda ya saba da 0 mai faɗi ya bar shi kawai.

Yanzu maganar jabu, wadda ta fi komai. Kwali ba shaida ba ne, ana buga tambarin manyan kamfanoni a kan kowane tarkace, har da 'yar sitika mai walƙiya. Ɗauke shi ka ji nauyi, ka ɗan murɗa shi da hannu biyu, in yana lanƙwasa yana ƙara ajiye musu abinsu. Goga farce a kan lamba, in fentin yana tashi to kafin azumi ya zagayo 0 da Enter sun goge. Wayar jabu siririya ce, kuma daidai inda ta shiga jiki take karyewa. Mafi sharri shi ne maɓalli mai maimaita kansa, ka danna sau ɗaya ya buga biyu, wannan ya fi yawa a tokumbon da ƙura ta cika ko aka taɓa zuba wa shayi aka wanke aka shanya. Kar ka yarda da "an gwada Alhaji, lafiya lau yake". Je da laftof ɗinka, buɗe Notepad, buga 1234567890 layi goma da sauri, ƙarshen layukan dole su tsaya daidai da juna, wanda ya fi tsawo ko ya gaza ya tona asiri. Danna 0 da Enter ta gefe-gefe, ba tsakiya kaɗai ba, don a nan dogayen maɓallan jabu ke maƙalewa. In ka nace sai mara waya, bar shi ya huta kwata ɗaya kana hira da mai shago sannan ka buga ka ga ko lambar farko ta shiga. Kuma a rubuta maka rasit da sharaɗin canji, wanda ya ƙi rubutawa ya san abin da ya ba ka.

In ka riga ka saya kuma lissafi yana ƙin daidaita, bambancin zai iya nuna maka mai laifi. Sifili ya ɓace, 18,500 ta zama 1,850, bambanci 16,650, raba shi da 9 za ka samu 1,850 cif, sai ka nemi 1850 da Ctrl+F, ba tare da waƙafi ba. Haka in sifili ya ƙaru, abin da rabawar ta ba ka shi ne ainihin kuɗin da ke littafi. In kuma 5,400 ta zama 4,500, bambancin 900 shi ma yana rabuwa da 9, amma wannan yatsunka ne suka yi riga-riga, canja kibod ba zai gyara shi ba.